Kotun da Na Kafa a Zaman Waiwaye

Na daɗe ina jagorantar masu rubuta manhaja kafin in gane cewa zaman da nake kira na gyara, a wurin abokan aikina zaman tsoro ne. Mu shida ne a ƙungiyar, muna gina manhajar da shaguna ke lissafin ciniki da ita, muna kuma bin tsarin Sikiram. Ana raba aiki zango-zango, kowane zango mako biyu, shi ne 'yan sana'a ke kira sifirin. A ƙarshen zango sai a zauna a waiwayi yadda aka yi aikin: me ya tafi daidai, me ya kawo cikas, me za a sauya. Jagorar tsarin, wadda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka rubuta, ta ce kada zaman ya wuce awa 3 idan zangon na wata guda ne, kuma yawanci ya fi haka gajarta idan zangon gajere ne. Mu awa ɗaya da rabi muke ba shi. Duk wannan na haddace shi tsaf, har nakan koyar da wasu. Haddar ce kawai.

Wata Alhamis da yamma muka fitar da sabon sauyi zuwa ga masu amfani. Bai fi minti biyu ba waya ta fara ruri. Masu shaguna suna danna maɓallin sayarwa, manhaja tana ta juyawa, ciniki ba ya shiga, ga abokan ciniki tsaye a gabansu. Kusan rabin awa aka yi a haka. Da muka bincika, sai muka ga wani layi ɗaya ne a cikin fayil ɗin da ke sauya fasalin rumbun bayanai. Rumbunmu PostgreSQL ne, layin kuwa ga shi:

```sql
CREATE INDEX idx_sales_shop ON sales (shop_id);
```

Wannan umarni yana gina fihirisa don binciken teburin ciniki ya yi sauri, kuma abu ne mai kyau. Matsalarsa ita ce muddin yana ginin, yana hana a rubuta komai a teburin. Ana iya karantawa, amma sabon ciniki sai ya tsaya a layi har a gama. Idan teburin ƙarami ne, kafin ƙiftawar ido an wuce wurin. Idan kuwa layuka miliyoyi ne kamar namu, to sai abin da Allah ya yi. Akwai wata kalma guda, `CONCURRENTLY`, da in an saka ta ginin zai ɗan fi daɗewa amma ba zai tare hanya ba. Ba a saka ta ba.

Kashegari aka yi zaman waiwaye. Na shiga raina a ɓace, domin mai kamfanin ya riga ya wanke ni tas a waya. Na haska fayil ɗin a bango, na buga `git blame`, umarnin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Sunan ƙaramin cikinmu ya fito, yaron da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Ban ɗaga murya ba, kuma na daɗe ina yabon kaina a kan haka. Cikin sanyin murya na ce masa, “Me ya sa ba ka saka kalmar ba? Ai a takardun rumbun a rubuce take.” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Yallaɓai, kuskurena ne, in sha Allahu ba za a sake ba.” Na rubuta a allo cewa mu riƙa kula sosai da sauyin rumbu, na tashi taron da wuri, ina jin na yi aiki.

Abin da na samu a wannan zama ban-haƙuri ne, ban samu bayani ba. Tambayar da na yi masa ba ta neman amsa, hukunci ce na sa mata alamar tambaya. Ni da nake yin ta na riga na san teburin ya toshe, na san dalili, na san kalmar da ta ɓace. Shi kuwa a ranar da ya rubuta layin bai san ko ɗaya ba. Mutum idan ya san yadda labari ya ƙare, sai ya ga kamar tun farko hanyar a fili take, ya manta cewa shi ma jiya bai gan ta ba.

Daga nan zaman waiwayenmu ya yi sanyi. In na ce me ya dame mu a wannan zango, sai a ce, “Alhamdulillahi, lafiya lau.” Katunan da ake liƙawa a ɓangaren matsaloli suka koma na intanet ba ƙarfi, janareta ya yi ƙara, abubuwan da ba su da sunan kowa a jikinsu. Yaron nan ya daina ɗaukar duk katin da ya shafi rumbu, sai gyaran launi da rubutun maɓalli. Sauran suka koyi darasinsu su ma: in mutum ya yi kuskure ya gano da kansa, sai ya gyara a ɓoye da daddare. Ni kuwa ina ba mai kamfani rahoto cewa matsaloli sun ragu.

Da shirun ya ishe ni, sai na yi tsalle na faɗa ɗaya ɓangaren. Na ji ana maganar waiwaye ba tare da ɗora laifi ba, na tsinci kan maganar na bar gangar jikinta. Na kafa doka cewa ba a ambaton sunan kowa, ba a kuma tayar da abin da zai sosa ran wani. Zaman ya yi daɗi kuwa, har da shayi da cincin. Katunanmu suka cika da kalmomi irin su a inganta sadarwa, a ƙara haɗin kai, a riƙa gwaji da kyau. Kowa ya gyaɗa kai, domin wa zai yi musu da haɗin kai? Katin inganta sadarwa kuwa kowane zango sai ya dawo, har wani ya ce mu daina yage shi, mu riƙa adana shi don tattalin takarda. Muka yi dariya. An gudu ba a tsira ba: da tsoro ke ɓoye matsalar, yanzu ladabi ke ɓoye ta.

Sai abin ya sake faruwa. Wani teburin ne, amma umarnin iri ɗaya, toshewar iri ɗaya. Wannan karon wadda ta rubuta layin tana cikin waɗanda suka fi kowa natsuwa a cikinmu, ba kuma ta nan lokacin na farko. Ba ni da bakin cewa sakaci ne. Idan mutum biyu masu hali daban suka faɗa rami ɗaya, ai sai a duba hanyar.

Mai gwajin manhajarmu ce ta same ni kafin zaman. Ta girme ni a aikin, ba ta kuma cika magana ba. Ta ce, “Malam, ka bar ni in ja zaman gobe. Kai ka zauna cikin mutane, kuma don Allah ka zama na ƙarshe da zai yi magana.” Na ji zafin maganar, amma na yarda. Ita ta karanta littafin Esther Derby da Diana Larsen na 2006 a kan irin wannan zama, wanda ya raba shi mataki biyar: a shirya zukata, a tattara abin da ya faru, a nemo dalilai, a yanke abin da za a yi, a rufe. Ta ce laifina a kullum shi ne ina tsallake na biyu. Daga sallama sai neman dalili, alhali ba a ma yarda a kan abin da ya faru ba.

Da farko ta raba ƙananan takardu, ta ce kowa ya rubuta lamba daga 1 zuwa 5 ba tare da suna ba. Biyar na nufin zan faɗi komai a ɗakin nan, ɗaya na nufin zan yi murmushi in ce komai lafiya. Ta tattara, ta juya baya ta ƙirga, ta rubuta sakamakon a allo. Biyar ɗaya ce tak, kuma na san ta wane ne, domin ni na rubuta ta. Sauran biyu-biyu ne da uku. Ba ta yi sharhi ba. Ta dai ce za mu fara da rubutu maimakon magana, kuma ta tunatar da mu ƙa'idar da Norman Kerth ya kafa a littafinsa na 2001, wato a shiga zaman da yardar cewa kowa ya yi iya ƙoƙarinsa gwargwadon abin da ya sani da abin da ke hannunsa a lokacin. Na taɓa jin ƙa'idar, na ɗauke ta daɗin baki. Ita kuwa a matsayin hanyar bincike take amfani da ita. Idan ka ɗauka mutumin ya yi abin da ya ga daidai ne, dole ka tambayi me ya sa abin ya yi kama da daidai a idonsa, kuma a nan ne gyaran yake.

Sai ta ja dogon layi a allo, ta raba shi zuwa ranakun aiki goma na zangon. Ta ba mu minti goma, kowa ya yi shiru ya rubuta abubuwan da suka faru, kati ɗaya abu ɗaya, ya liƙa a ranarsa. Sharaɗinta shi ne katin ya ƙunshi abin da za a iya tabbatarwa a allon aiki ko tarihin kod ko saƙonni. Wani ya rubuta cewa dubawa tana jinkiri, ta mayar masa, ta ce jinkirin kwana nawa, wane aiki. Ya koma ya duba, ya rubuta cewa sauyin ya shiga `In Review` ranar Litinin, ba a buɗe shi ba sai Alhamis da azahar. Ta ce yauwa. Ba ta hana ambaton suna ba. In wance ce ta rubuta fayil, a ce wance ta rubuta, ai gaskiya ce. Abin da ta hana shi ne siffanta mutum da kuma kalmar “da”: da ka duba, da kin tambaya. Ta ce wannan labarin abin da bai faru ba ne, mu kuwa wanda ya faru muke nema.

Rubutu a shiru yana da amfani ko'ina, amma a wurinmu ya fi. Mun tashi da cewa ƙarami ba ya riga babba magana, ba ya kuma gyara masa zance a gaban jama'a. Tarbiyya ce mai kyau, sai dai a zaman waiwaye in babba ya fara faɗin ra'ayinsa, zance ya ƙare, saura sai amin. Kati ba shi da shekaru.

Da allon ya cika, sai ta juya ga wadda ta rubuta layin. Ba ta ce me ya sa ba. Ta ce, “Ki mayar da mu ranar da kika rubuta shi. Me kika gani a fuskar kwamfutarki?” Amsar ta kusa sa ni faɗuwa daga kujera. Ashe ta saka kalmar tun farko. Da ta gwada, sai rumbun ya ƙi, ya ba ta wannan saƙo:

```
CREATE INDEX CONCURRENTLY cannot run inside a transaction block
```

Manhajar da muke sauya fasalin rumbu da ita tana naɗe kowane sauyi cikin ƙunshi ɗaya, ko duka ya shiga ko duka ya fasa, shi kuwa wannan umarni ba ya yarda a gudanar da shi cikin irin wannan ƙunshi. Akwai hanyar cire naɗin ga fayil guda, a Django layin `atomic = False` ne, amma ba a rubuta hakan ko'ina a takardunmu ba. Ta cire kalmar, saƙon ya ɓace. Ta gwada a rumbun gwaji, ya wuce nan take, domin layukan da ke can ba su fi dubu kaɗan ba. Duk alamar da tsarinmu ya nuna mata kore ce.

Daga can gefe sai yaron nan ya ɗaga hannu a hankali. Ya ce, “Anti, ni ma wancan karon saƙon nan na gani. Na cire kalmar, ya wuce.” Ɗakin ya yi tsit. Wata da watanni yana riƙe da amsar da za ta hana toshewa ta biyu, ba kuma ɓoyewa ya yi ba. Ba wanda ya tambaye shi. Na ba shi zaɓi ɗaya ne a wancan zama, ya amsa laifi, shi kuma ya amsa. Ban iya kallonsa ba.

Ashe da sauran rina a kaba. Mai jan zaman ta koma kan kwana ukun da sauyin ya yi yana jiran dubawa. Mutum ɗaya ne a cikinmu ke duba duk abin da ya shafi rumbu, babban injiniyanmu. Ta tambaye shi me ke gabansa daga Litinin zuwa Laraba. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce yana haɗa wani rahoto ne. Ta duba allon aiki, babu katin rahoto. Ta ce to a rubuta masa kati a liƙa. Sai wani ma ya ce shi ma an ba shi wani ɗan gyara ranar Talata da ba ya allo. Wata ma haka. Mai jan zaman ta ɗauko jan alƙalami ta rubuta waɗannan katunan, kuma kafin a gama, tsakiyar zangon ta yi ja. A ƙasan kowane kati ta rubuta inda aikin ya fito. Ba ta buƙaci ambaton sunana da baki ba, ga shi nan a rubuce, sau huɗu.

Abin da nake yi shi ne, in mai kamfani ya kira ni da wata buƙata, kunya da neman suna ba sa bari in ce a jira zango na gaba. Sai in lallaɓa wurin wanda ya fi iyawa in ce, “Ɗan taimaka mini da wannan, ba zai ɗauki lokaci ba.” Ba kati, ba a rage komai daga abin da aka riga aka ɗauka. Babban injiniyan ya gama rahotona ranar Alhamis, ya buɗe sauyi mai layuka sama da dubu, fihirisar tana binne a tsakiya, ni kuma ina tsaye a kansa ina cewa gobe za mu nuna aiki. Ya duba abin da ya iya, ya danna `Approve`. Na tuna wancan zangon na farko, shi ma haka aka yi. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni a kan nawa na tsaya na haska sunan yaro a bango.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba wanda ya zarge ni. Irin tambayar da aka yi wa kowa ita aka yi mini: da aka kira ka, me ka gani, me ka ji tsoro? Na faɗi gaskiya, cewa ba ni da wata hanya ta nuna wa mai kamfani abin da buƙatarsa za ta ture. A lokacin na ɗanɗana abin da na hana wasu. Da an ce mini me ya sa kake haka, da na kare kaina har magariba. A zaman nan an faɗi abubuwan da suka fi na kotuna ɗaci, dalla-dalla, da rana da awa, har da sunaye, amma duk a kan abin da ya faru aka tsaya. John Allspaw ya bayyana irin wannan tsari a 2012 daga aikinsu a Etsy, inda ake ba injiniyan da abin ya faru a hannunsa damar ba da cikakken labari ba tare da tsoron horo ba, don shi ya fi kowa sanin inda tsarin ya yaudare shi.

Dalilai sun fito da yawa, sai ta ba kowa ɗigo uku ya saka a kan waɗanda ya ga sun fi ciwo. Ta ce biyu kawai za mu ɗauka, domin jerin gyara goma ba a yin ko ɗaya. Na farko, a saka bincike na atomatik da zai ƙi duk sauyin da ke gina fihirisa a babban tebur ba tare da kalmar nan ba, kuma saƙon ƙin ya faɗi yadda ake cire naɗin. Yaron nan ne ya ce zai yi. Na biyu nawa ne: duk aikin da ya shigo tsakiyar zango sai an yi masa kati, kuma kafin a fara shi sai an fitar da wani mai nauyinsa, mai kamfani ya zaɓi wanne. Kowane gyara ya samu mai shi, ya shiga allon zango na gaba kamar sauran ayyuka, kuma da shi za a buɗe zaman waiwaye na gaba. Ta ba mu ma'auni ɗaya da har yau nake amfani da shi: idan gyaran da aka rubuta yana buƙatar wani ya ƙara kula ko ya riƙa tunawa, to ba a kai ga gyara ba tukuna.

Kada a ɗauka wannan yana nufin ba a taɓa cewa mutum ya yi ba daidai ba. Akwai wanda zai tsallake gwaji da gangan, ko ya riƙa wulaƙanta abokan aiki, ko ya yi ta alkawari ba cikawa. Wannan magana ce tsakaninsa da shugabansa, su biyu, kuma da wuri, ba a jira ƙarshen zango a shanya shi a gaban jama'a. Haka kuma in wanda ke yanke albashi da ƙarin girma yana zaune a ɗakin, lambobin nan za su faɗi ko yaya yake da kirki. Ni kaina ina da hannu a wannan, shi ya sa yanzu jan zaman yana zagayawa tsakaninmu, wani lokaci kuma in lambobin suka yi ƙasa nakan fita in bar su, su kawo mini abin da suka yanke.

Na nemi yaron nan gafara mu biyu a bakin matakala. Ya ce, “Haba Yallaɓai, ba komai, ya wuce,” kamar yadda duk mai tarbiyya zai ce, don haka ban ɗauki wannan a matsayin shaida ba. Sai bayan wasu zanguna ya sake ɗaukar katin rumbu. Binciken da ya rubuta ya kama fihirisa mara kalmar tun kafin ta kai ga dubawa, kuma babban injiniyan ne ya rubuta ta. Nawa gyaran ya fi wuya. Karon farko da na ce wa mai kamfani ya zaɓi abin da za a fitar, ya yi shiru a waya, sannan ya ce rahoton zai iya jira. Karo na biyu ya ce duka yake so, ni kuma na sake lallaɓawa na ba da aikin ba kati. A zaman da ya biyo baya jan katin yana kan allo, wani ya rubuta shi tun cikin minti goman farko. Rumbun gwajin kuwa har yanzu ƙarami ne, domin kwafin da zai yi girman na gaske yana buƙatar kuɗin da ba a ba mu ba, sannan sai an goge sunaye da lambobin wayar masu shaguna kafin a kwafa. Katinsa yana cikin jerin ayyukan da ke jira.